Yadda na yi wa ƙanena barkar sabon aiki a LinkedIn

Ranar wata Talata bayan la'asar ina cikin keke napep daga Samaru zan tafi Kwangila, sai na ji waya ta yi motsi a aljihu, na ciro na duba, LinkedIn ne ke ce mun wai in taya wani ƙanena murna ya fara sabon aiki. Ba ƙanena ba ne na ciki ɗaya, yaro ne da muka yi aikin tattara bayanan manoma tare damina biyu, tun lokacin yake ce mun Yaya ni ma nake ce mai ƙanena. A ƙasan sanarwar ga ɗan maɓallin nan da suke sawa wanda kana taɓawa zai aika mai da "Congrats!" shi kenan ka gama, babban yatsana har ya kai kai sai na janye, saboda yaron nan na san wahalar da ya sha kafin ya samu aikin nan, kuma na san abun da ya iya, kalma ɗaya da inji ya rubuta mun ba ta kai ba wallahi.

Kuma akwai wani dalilin da ya sa na dakata. Na taɓa yin barkar da ta zame wa wata baiwar Allah matsala, har yau in na tuna raina ba ya mun daɗi.

Abun da ya faru, wata 'yar'uwa ce da muka taɓa zama ofis ɗaya, daga baya ta koma wani wuri. Na haɗu da yayanta a wurin ɗaurin aure a Tudun Wada, muna gaisawa yake ce mun ai ƙanwarka ta samu aiki a Abuja, an ma turo mata takarda. Na yi murna sosai, a daren na hau LinkedIn na rubuta fos mai tsawo, na yi tagin ɗinta, na faɗi sunan sabon wurin da muƙamin da aka ba ta. Da safe wajen ƙarfe tara ta kira ni, muryarta a sanyaye, ta ce Malam dan Allah ka sauke rubutun nan, ban kai takardar ajiye aiki ba tukuna, kuma ogana ya gani. Na ce ya aka yi ya gani, ai ba ni da shi a kwanekshan? Ta ce wani ɗan ofis ɗinsu ne ya danna Like, shi kuma ogan yana tare da wancan, sai fos ɗin ya fito mai a shafinshi. Haka abun yake aiki, duk wanda ya yi Like ko kwament a rubutunka, LinkedIn na iya nuna wa mutanenshi cewa wane ya so wannan, sai rubutu ya tsallaka inda kai ba ka taɓa zato ba. Na goge a take amma an riga an gani. Wata ɗayan notis da ta yi a wurin cikin takura ta yi shi, ogan ya ji haushin a intanet ya ji labari kafin ya ji daga bakinta, kuma takardar shaidar da take so ya rubuta mata sai da aka sa baki. Na je har gidansu na ba da haƙuri, ta ce ba komai ta san da kyakkyawar niyya na yi, amma ni na san na ja mata abun da ba ta nema ba.

To shi ya sa wannan karon ban rubuta ko harafi ɗaya a keken nan ba. Da na isa gida na yi magariba sai na buɗe furofayil ɗin yaron in gani da idona. Dalili, sanarwar nan ta "starting a new position" ba kullum take nufin mutum ya samu sabon aiki ba. In mutum ya shiga yana gyara furofayil, ya ƙara wani aiki da ya daɗe yana yi bai taɓa sawa ba, akwai wani ɗan makunni a wurin mai suna "Notify network", in a kunne yake sai a baza wa jama'a kaman yau ya fara. Na sha ganin ana ta zuba wa mutum Allah ya sanya alheri a kan aikin da ya shekara uku a ciki. Na duba nashi, watan farawa wannan watan ne, tsohon aikin ya sa mai ranar ƙarewa, koren zoben nan na #OpenToWork da ya daɗe a hotonshi ya cire, sannan shi da kanshi ya yi fos, irin wanda ke farawa da "I'm happy to share that I'm starting a new position as". Ya zama jami'in sa ido da auna ayyuka a wata ƙungiya mai aiki da manoma a Kano. Wato shi ya fara faɗa da bakinshi, wannan shi ne abu na farko da nake nema.

Duk da haka na kira shi. Bayan mun gaisa na ce ƙanena barka da arziki, Allah ya sanya albarka ya sa an shiga a sa'a. Ya ce amin Yaya, wallahi ina ta so in kira ka kunya ce ta hana ni, na ce kunyar me, ya ce ai kamata ya yi in zo har gida in faɗa maka. Muka ɗan taɓa hira, ya ba ni labarin intabiyu zagaye biyu da gwajin da aka ba su a kwamfuta. Sai na ce mai ina so in yi ɗan rubutu a kanka a LinkedIn, ba kwament kawai ba, ka yarda? Ya yi shiru kaɗan ya ce Yaya ai kai ba sai ka tambaya ba. Na ce a'a sai na tambaya, kuma akwai abu uku da nake so ka faɗa mun, ka riga ka shiga ofis ko takarda kawai aka ba ka, in ambaci sunan wurin ko in bari, sannan mutanen gida duk sun sani?

Tambayar ƙarshen nan wani zai ga kaman ba ta shafi LinkedIn ba amma a wurinmu ta shafa. Mutanenmu da yawa ba sa son a yi ta yayata alherinsu tun bai zauna ba, wani saboda baki, wani saboda da an ji ya samu aiki buƙatu za su taso mai tun bai ga albashin farko ba, wani kuma kawai yana so kawunshi ko yayan babanshi su ji daga gare shi dan kar a ce ya raina su. Kuma rubutun LinkedIn ba ya tsayawa a LinkedIn, wani zai yi skirinshot ya jefa a guruf ɗin WhatsApp na dangi ko na 'yan ajinsu kafin gari ya waye. Ya ce mun ya shiga ofis sati biyu kenan, gida kowa ya sani, sunan wurin kuma ba laifi tunda shi ma ya sa, amma kar in yi tagin ɗin shafin ƙungiyar. Na tambaye shi me ya sa, ya ce yana cikin watannin gwaji ne, wata shida suka ba shi kafin a tabbatar da shi, ba ya so masu kula da shafin su ga kaman yana tara mutane suna yi mai talla. Ya yi gaskiya, in ka yi tagin ɗin shafin kamfani masu riƙe da shafin suna samun sanarwa, kuma sau da yawa ba su da nisa da ofishin ɗaukar ma'aikata. Ni da kaina ban kawo wannan a rai ba.

Na zauna na rubuta na farko a cikin manhajar rubutu ta waya, ba a LinkedIn ɗin kai tsaye ba, dan kar hannu ya kuskure ya aika. Kuma na zuba duk abun da ke raina. Na faɗi yadda ya gama ABU ya yi bautar ƙasa ya dawo Zariya ya shekara kusan uku ba aikin kirki, yadda wata rana ya tako a ƙafa daga Palladan har Samaru dan ba shi da kuɗin mota bai faɗa wa kowa ba, yadda mahaifinshi ya rasu yana tsakiyar aikinmu ya dawo fili bayan kwana bakwai. Ina rubutawa idona na kawo ruwa, a ganina wannan shi ne rubutu mai taɓa zuciya. Na miƙa wa maiɗakina na ce karanta ki ji. Ta karanta har ƙarshe ta ajiye wayar a kan tabarma ta ce, Abban yara wannan ai tona mai asiri ka yi. Na ce kaman ya? Ta ce yanzu sabon oganshi ya karanta, me ya sani game da yaron nan, ya san talaka ne maraya da ya rasa kuɗin mota, amma bai san me ya iya ba. Kuma wa ya ce maka yana so abokan aikinshi na Kano su san ya taɓa takowa a ƙafa? Shi da ya ɓoye muku a lokacin.

Maganarta ta zauna mun. Na sake karantawa sai na ga wani abu kuma da ita ba ta faɗa ba, kalmar "na" ta yi yawa a ciki, na ɗauke shi, na koya mai, na ba shi shawara, na san zai kai. Rubutun barka ne amma rabinshi labarina ne, mai karatu zai tashi da cewa wane mutumin kirki ne mai taimakon yara, alhali ba ranata ba ce. Wannan ina yawan ganinshi a rubutun manya in suna taya na ƙasa da su murna, kuma na san ba da mugun nufi ba ne, farin ciki ne ke kwashe mutum, amma yaron ne ke tashi a matsayin wanda aka yi wa alfarma.

Sai na tambayi kaina, a cikin damina biyun nan wane abu ɗaya na gani da idona wanda in da ni ne sabon oganshi zan so in sani? Nan take na tuna maganar eka.

Muna aikin ne a ƙauyukan Giwa, kowane yaro da wayarshi da fom a manhajar tattara bayanai ta KoboCollect, ana tambayar manomi girman gonar masararshi da buhu nawa ya samu bara. A fom ɗin an rubuta girman gona da hekta. Kwana uku da farawa yaron nan ya same ni da daddare ina cin abinci ya ce Yaya akwai matsala a lissafin nan, amfanin da ke fitowa ya yi ƙasa da abun da nake gani a rumbunan mutane. Ya zauna ya nuna mun, manomi in ka ce mai gonarka nawa ce zai ce biyu, yana nufin eka biyu, yara kuma sai su rubuta 2 a gidan hekta. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce, wato eka biyu kusan hekta 0.8 ce. Mutumin da ya samu buhu 20 mai kilo ɗari ɗari, tan biyu kenan, in ka raba da hekta biyu sai ya fito tan ɗaya a hekta, kaman noman bai yi ba, alhali in ka raba da 0.8 kusan tan biyu da rabi ne. Ba wanda ya sa shi, da rana ya bi gonaki huɗu ya zagaye su da GPS ɗin waya ya auna dan ya tabbatar kafin ya zo mun da maganar. Washegari muka tsayar da aiki, aka ƙara tambaya a fom ta cewa da eka ne ko da hekta, aka koma wa gidajen da aka riga aka yi. Da ba dan shi ba da rahoton gaba ɗaya ya fita da lissafin da ba haka yake ba, kuma ba lallai wani ya gane ba.

Wannan labarin nawa ne da shi, ba wanda zai iya rubuta shi sai wanda ke wurin, to ka ga kusancin ya fito ba sai na taɓa aljihunshi ko rasuwar babanshi ba. Kuma ya yi daidai da aikin da aka ɗauke shi, dan mai sa ido da auna ayyuka abun da ake nema a wurinshi kenan, ya ga lamba ya ce wannan ba ta yi kama da gaskiya ba. Abu ɗaya na kiyaye, ban faɗi sunan wurin da muka yi wa aikin ba kuma ban rubuta shi kaman wani ya yi sakaci ba, saboda wanda ya tsara fom ɗin yana nan a LinkedIn, ba zan ɗaga wani ta hanyar kunyata wani ba.

Sai maganar yare. Yawancin masu hulɗa a LinkedIn a nan Najeriya da Turanci suke yi, kuma wasu daga cikin shugabanninshi ba sa jin Hausa. Amma addu'a in na yi ta da Turanci ba ta fito mun daga ciki. Sai na yi Turanci a sama, na sa Hausa a ƙasa, kowanne na rubuta shi da kanshi ban fassara ba. Na Hausar ga yadda na fara rubuta shi, sunanshi kawai na cire:

"Damina biyu muka yi da ƙanena a ƙauyukan Giwa muna tattara bayanan manoman masara. A kwana na uku shi ya gano manoma da eka suke ba mu amsa mu kuma muna rubutawa a hekta, kuma bai kawo maganar ba sai da ya auna gonaki huɗu da ƙafarshi ya tabbatar. Gyaran da ya kawo shi ya tsare mana lissafin aikin gaba ɗaya. Yanzu ya fara aiki a matsayin jami'in sa ido da auna ayyuka a Kano, kuma na san sun samu mutumin da ba ya barin lamba ta wuce shi sai ya tambaye ta daga ina take. Barka da arziki ƙanena. Allah ya sanya albarka, ya ba ka ikon sauke nauyin, ya haɗa ka da abokan aiki na gari."

Gajere ne, kuma da gangan. LinkedIn na ba ka har harafi 3,000 a fos, kwament kuma 1,250, amma a waya layi biyu zuwa uku kawai ake gani sai a yanke a sa "…more", wanda bai ga abun da ya ja shi ba a layukan nan wucewa zai yi. Shi ya sa ban fara da ina matuƙar farin cikin sanar da ku ba, kowa da haka yake farawa, ido ya saba ya daina gani. Na fara da Giwa da daminar, dan wanda ya gani ya ce me ya faru a can. Na Turancin ma da haka na buɗe shi.

Muƙamin na koma furofayil ɗinshi na kwafo shi harafi da harafi. Wannan ƙaramin abu ne amma yana ja wa mutum magana, in an ɗauke shi a matsayin jami'i kai ka rubuta manaja dan ka girmama shi, wanda ke manajan na gaskiya yana karantawa, sai a ɗauka yaron ne ke zuwa waje yana ƙara wa kanshi girma. Haka kuma ban ce komai a kan albashi ba, ban ce Allah ya raba shi da wahalar wurin da ya baro ba, dan mutanen tsohon wurin suna cikin kwanekshan ɗinshi kuma gobe zai iya buƙatarsu.

Kafin in aika na tura mai a WhatsApp na ce duba ka gani, in akwai abun da ba ka so ka faɗa mun kar ka ji nauyi. Bayan kaman minti goma ya dawo da saƙon murya, ya ce Yaya ashe ka tuna maganar nan, ni wallahi na ɗauka ba wanda ya riƙe. Ya roƙi abu ɗaya, a na Turancin na rubuta cewa shi kaɗai ya gano, ya ce a gyara dan akwai wata yarinya a cikin tawagar da ta riƙe mai waya suka auna gonakin tare, ba ya so ta gani ta ji an manta da ita. Na gyara na ce shi da wata abokiyar aikinmu, a na Hausar ma na ƙara haka kafin ya fita. Wannan gyaran da ban tura mai ba da ban san da shi ba.

Wurin aikawa kuma na yi tunani tsakanin hanya uku. Zan iya yin kwament a ƙarƙashin fos ɗinshi, zan iya buɗe sabon fos nawa, ko in danna "Repost with your thoughts" a kan nashi. Na ɗauki ta ukun, saboda sanarwarshi tana maƙale a ƙasan rubutuna, duk wanda ya gani ya san shi ya fara faɗa ni biyo baya na yi, kuma mai son taya shi murna zai iya shiga nashi kai tsaye. Ga wanda ba ku saba sosai ba kwament ya isa, layi biyu da abu ɗaya da ka sani game da aikinshi, ba kowa ne za ka buɗe wa fos ba, in ka yi wa wanda sau ɗaya kuka haɗu a taron bita sai abun ya zama kaman kana neman shiga. Tagin kuma sai an lura, ka rubuta @ ka fara sunan, jerin mutane zai fito, kuma sunayenmu sun yi kama da juna, masu suna ɗaya da na uba ɗaya sun fi a ƙirga, sai na duba hoto da wurin aiki kafin na zaɓa. In ya kama za ka ga sunan ya canza ya yi kauri, in ya tsaya kaman sauran rubutu to bai kama ba kuma mutumin ba zai samu sanarwa ba. Hoto ban sa ba. Ina da wani da muka ɗauka a gona duk mun yi buɗu-buɗu da ƙura, ina son hoton sosai, amma akwai fuskokin manoma da na sauran yara a ciki da ban tambaye su ba.

Na aika da safe wajen ƙarfe takwas da rabi ranar Alhamis kafin in fita. Zuwa azahar mutane sun fara shigowa, tsofaffin 'yan tawagarmu, wani malaminshi na jami'a da ya rubuta cewa haka yake tun yana ɗalibi, ita ma yarinyar da suka yi awon ta zo ta sa alamar tafi ta ce ta tuna ranar, rana ta dake su sosai. Sai kuma irin kwament ɗin da na san za su zo, wani ya rubuta a tuna da mu fa, wani ya ce sai a zo a wanke mana, wani ma da ban san shi ba ya ce yana neman aiki a taimaka a kai takardunshi wurin. Na wasan ban taɓa su ba, tsakanin abokai ne kuma shi ma ya amsa musu da dariya. Na mai neman aikin ne na bi shi ta saƙon sirri na ce ɗan'uwa yaron nan sati biyu kenan da shiga, ba shi da bakin kai kowa yanzu, ka turo mun takardun ni in duba in na ji wani abu, sannan na roƙe shi ya cire kwament ɗin, ya cire ba musu. Tunda ni na buɗe fos ɗin ni ya kamata in tsare shi, ba yaron da ke ƙoƙarin zama a sabon wuri ba.

Ni ma na kame bakina daga abu ɗaya. Akwai ɗan yayata da ya gama karatu yana zaune, kuma raina ya raya mun in ce wa ƙanen nawa in an buɗe ɗaukar masu tattara bayanai ya tuna da shi. Amma in na haɗa wannan da barkar, ko a waya ko a rubutu, to barkar ta zama kuɗin gaba, zai ji kaman na yabe shi ne dan in karɓa. Na bar maganar, sai bayan wata huɗu da ya zo Zariya hutu muka yi ta a zaune, ita kaɗai.

Bayan kwana biyu da fos ɗin ya kira ni da daddare. Ya ce shugabar sashensu ta tsayar da shi a baranda ta ce mai na ga abun da tsohon oganka ya rubuta, wace magana ce ta eka da hekta? Ya ba ta labari a tsaye, ta ce ya zo ofis ɗinta ranar Litinin da fom ɗin da za su fita da shi fili wata mai zuwa su duba tare, dan ba ta da tabbacin an raba ma'aunin a ciki. Ya ce Yaya na duba da na koma tebur, ba a raba ba. Na ce to ka je da gyaran a rubuce, kuma ka fara nuna wa wanda ya tsara fom ɗin kafin ka kai mata, kar ya ji a gaban shugaba. Ya ce in sha Allahu haka zai yi, sannan ya ce in gaida Anti da yara, in ce mata yana nan zuwa cin tuwo in ya shigo gari.